Cike gurbi da a, an da the: yadda ɗalibin Gwarzo da Kabo zai bi da su

Daga ajin firamare na sama har zuwa ƙaramar sakandare, da wuya zango ya wuce ba a ba yara aikin cike gurbi da ƙananan kalmomin nan uku na Turanci ba, wato *a*, *an* da *the*. A makarantun Gwarzo, Getso da Lakwaya, ko na Kabo, Garo da Gude, dokar da yara suka fi riƙewa guda ɗaya ce: in kalma ta fara da a, e, i, o, u sai a sa *an*, in ba haka ba a sa *a*. Dokar tana cin wasu tambayoyi, amma tana faɗuwa a wasu, kuma ba ta ce komai ba game da *the*, wadda a nan ne makin ya fi zubewa. Yaron da ke Hausa daga safe har dare ya riga ya mallaki rabin wannan aiki a bakinsa. Abin da ya rage shi ne a nuna masa inda Hausarsa za ta kai shi, da inda za ta sauke shi a hanya.

Kowane gurbi ana yi masa tambayoyi uku, kuma jerin da aka bi wajen yin su shi ne sirrin aikin. Da farko, mai sauraro ya san wanne ake nufi? Na biyu, in bai sani ba, abin guda ɗaya ne da ake iya ƙirgawa? Na uku, wane sauti ne ya biyo bayan gurbin? Yawancin yara da ta ukun suke farawa, shi ya sa sukan rubuta *an* a inda ake neman *the*, don kawai sun ga wasali a gaba.

Tambaya ta farko: an san wanne ne?

A duba wannan magana: "Na sayi akuya. Akuyar ta tsinke igiya." A jimla ta farko an kawo akuya cikin zance, mai sauraro bai san ta ba. A ta biyu ta zama sananniya, sai aka liƙa mata -r a ƙarshe. Da rago ne, sai a ce ragon. Da kalmar aro ce mai ƙarewa da baƙi, sai a ce fensir ɗin. Masu nahawun Hausa suna kiran wannan ɗan ɗafi madanganci, kuma ba wanda ya koya wa yaro shi a aji, da shi ya tashi. Turanci ma haka yake yi, sai dai shi a gaban suna yake ajiye alamarsa: *I bought a goat. The goat broke the rope.* To duk gurbin da ɗalibi ya juya jimlarsa zuwa Hausa a zuci ya ji "akuyar", "mutumin", "littafin" sun zauna daidai, ya sa *the* ba tare da fargaba ba.

Sai dai wannan gwaji ta fuska ɗaya yake aiki. In an ji -n ko -r, *the* ce. In ba a ji ba, ba a gama magana ba tukuna. A jimlar da ke sama ma an ga haka: Hausa ta ce "igiya" tsurarta, Turanci ya ce *the rope*, saboda akuyar da aka ɗaure igiyarta guda ce, kowa ya san wacce ake nufi ko da ba a ambace ta a baya ba. Hausa tana barin sunan tsirara in abin a fili yake. Mutumin Kabo zai ce "na tafi kasuwa", "liman ya shigo", "rana ta faɗi", "rufe ƙofa", kuma ba wanda zai tambaye shi wace kasuwa ko wace rana. Turanci ba ya yarda da wannan sauƙi. Dole a ce *the market*, *the imam*, *the sun*, *the door*. A nan ne yara masu ƙoƙari suke yin kuskure mai dalili: sun fassara, ba su ji -r ba, sai su rubuta *a sun* ko *a door*.

Maganinsa shi ne a ƙara ɗan gwaji na biyu. A tambayi jimlar "wanne?" ko "wacce?". In tambayar ta zama ta ban dariya, *the* ake nema. Malami ya ce "goge allo", ɗalibi ba zai ce "Malam, wane allo?" ba, don allo ɗaya ne a ajin. Amma in ya ce "kawo kujera", kuma akwai kujeru arba'in, kowacce aka ɗauko ta yi, wannan *a chair* ce.

Akwai kuma lokacin da bayanin da ke fayyace abin yana bayan sunan, ba a gabansa ba. *The boy who broke the window*, *the Emir of Kano*, *the road to Gwarzo*. Shi ya sa ba a cike gurbi sai an karanta jimlar har aya. Hausa ma tana taimakawa a nan, domin "yaron da ya fasa taga" ake cewa, da -n ɗinsa. Wasu kalmomi kuma su da kansu suke fayyace abu, saboda ba a samun biyunsu: *first*, *last*, *same*, *only*, da siffofin fifiko irin su *tallest* da *best*. Wanda ya fi kowa tsawo a aji mutum ɗaya ne, don haka *the tallest boy*.

Wani abin lura: -n da -r na mallaka daban suke da madanganci. "Gidan Audu" da "motar Malam" ba sa kiran *the* a Turanci in an yi amfani da sigar mallaka, *Audu's house* kawai ake cewa. Haka nan duk sunan da *my*, *his*, *this* ko *that* suka riga suka tsaya a gabansa, ba shi da sauran wuri ga ɗaya daga cikin kalmomin uku.

Tambaya ta biyu: ana ƙirga shi, kuma guda ɗaya ne?

Kalmomin *a* da *an* daga tsohuwar kalmar Turanci ta "ɗaya" suka fito, kuma har yau ba su rabu da wannan ma'ana ba. Duk inda ba za a iya cewa "guda ɗaya" ba, ba sa shiga. Jam'i ya fita ke nan: *a books* ba magana ba ce. Ɗalibi ya leƙa ƙarshen sunan ya ga ko akwai *s*, kuma ya tuna da jam'in da ba su da ita, irin su *children*, *men*, *women*, *people*, *feet*. Ya kuma leƙa aikatau: *are* da *were* suna tona asirin jam'i.

Yara kan ɗauka *a* ita ce "wani" ko "wata". Wani lokaci haka ne: "wani mutum ya zo" shi ne *a man came*. Amma Turanci yana sa *a* a wurare da yawa da Hausa ba ta sa komai. "Babana manomi ne." "Yayata malama ce." "Ina da keke." Ba wani, ba wata, amma dole a ce *a farmer*, *a teacher*, *a bicycle*. Dokar da ta fi tsare yaro ita ce wannan: suna tilo da ake ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai a jimlar Turanci. Ko *a*, ko *an*, ko *the*, ko irin su *my* da *this*, dole wani ya raka shi. Wanda ya rubuta *my father is farmer* Hausa ya rubuta da kalmomin Turanci.

Abubuwan da ake aunawa ba ƙirgawa ba, yaron ƙauye ya fi kowa gane su. Ba a ƙirga gero, da kwano ake awonsa. Ba a ƙirga ruwa, da jarka ake sayensa. To *millet*, *water*, *rice*, *sugar*, *milk*, *sand* ba sa ɗaukar *a*, ma'auninsu ne yake ɗauka: *a bag of rice*, *a cup of water*. In gurbi ya zo gaban *bag*, a sa *a*. In ya zo kai tsaye gaban *rice*, sai a koma tambaya ta farko: shinkafar da aka sani ce, ko shinkafa kawai? *The rice we ate yesterday* tana da *the*. *I like rice* ba ta da komai.

Inda abin yake da ɗan ciwo shi ne sunayen da Hausa take ƙirgawa amma Turanci ya ƙi. Muna cewa wata shawara, shawarwari uku; wani labari, labarai da yawa; burodi biyu; sabulu ɗaya. Turancin jarrabawa ba ya ƙirga *advice*, *news*, *information*, *bread*, *soap*, *furniture*, *luggage*, *homework* ko *money*. Ana jin *an advice* a bakin manya masu digiri, har a rediyo, kuma kowa yana ganewa, amma mai duba takarda zai soke ta. Abin da yake so shi ne *a piece of advice*, *a loaf of bread*, *a bar of soap*. Waɗannan ba su da wata hikima da za a gano da tunani, haddace su ake yi, kuma ba su fi a rubuta su a bangon ƙarshe na littafin aiki ba.

Tambaya ta uku: kunne, ba ido ba

Sai an tabbatar abin ba sananne ba ne, kuma guda ɗaya ne da ake ƙirgawa, sannan a zo zaɓi tsakanin *a* da *an*. Ma'anarsu ɗaya ce. Bambancin na furuci ne kurum: Bature yana haɗe kalmominsa, wasali biyu a jere suna yi masa nauyi, sai *n* ta shiga tsakani. Mu kuwa ba ma jin wannan nauyi, saboda duk kalmar Hausa da aka rubuta da wasali a farko, kamar aiki, ido ko uwa, da ɗan tsayawar maƙogwaro take farawa, irin hamzar da almajiri ya sani. Yaro zai ce *a egg* da tsayawar nan a tsakiya, ya ji ta yi masa daidai. Don haka sai an sa shi ya riƙa furta *an egg*, *an orange*, *an onion* a haɗe, kamar kalma ɗaya, har kunnensa ya saba.

Masu tsara tambaya sun san dokar a, e, i, o, u, kuma da gangan suke ɗana tarko a inda take karyewa. Abin daɗin shi ne kalmomin aro na Hausa sun riga sun warware yawancin tarkon, domin da kunne aka aro su. Muna cewa awa ɗaya, ba hawa ɗaya ba, to *an hour*. A lokacin siyasa kowa yana kiran ɗan majalisa onarabul, to *an honourable member*, kuma danginta *an honest man* da *an honour* haka suke. Muna cewa yunifom, da y a gaba, to *a uniform*, da *a university*, *a unit*, *a union*, *a useful book*, *a European*. Amma *an umbrella*, *an uncle* da *an ugly goat* suna nan da *an*, don *u* ɗinsu sautin "a" ne. Kalmar *one* kuwa da sautin w take farawa, shi ya sa ake rubuta *a one-hour lesson*.

Sai dai kalmomin aron suna da nasu ha'incin a wuri biyu da na sani sarai. Asibiti da otal sun yar da h ɗinsu a Hausa, amma a Turanci tana nan ana furta ta: *a hospital*, *a hotel*. Kalmomin da h ɗinsu ke shiru kaɗan ne, *hour*, *honest*, *honour*, *heir* da 'ya'yansu. Sauran duk, irin su *house*, *horse*, *hen*, *hat*, *a* suke ɗauka.

Gajerun sunaye ma da kunne ake bin su, kuma rayuwar makaranta cike take da su. Harafin N ana kiransa "en", S "es", M "em", F "ef", L "el", duk da wasali a gaba. Saboda haka *an NCE holder*, *an SS2 student*, *an LGA*. Amma NECO ba a kiran haruffanta ɗaya bayan ɗaya, "neko" ake cewa, to *a NECO candidate*, haka ma *a WAEC result*. Harafin U "yu" ne, to *a UBE school*. Lambobi ma haka: 8, 11 da 18 da wasali suke farawa in an furta su da Turanci, sai a rubuta *an 8-year-old girl*.

Kuskure na ƙarshe a wannan fanni shi ne tsallake sifa. Kalmar da ke manne da gurbin ita ce ke hukunci, ba sunan da ke can gaba ba: *an egg* amma *a big egg*, *a man* amma *an old man*, *an orange* amma *a sweet orange*. Hausa tana iya kai sifa bayan suna, a ce "mutum tsoho", shi ya sa idon yaro yake wucewa kai tsaye zuwa sunan.

A bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

Ga aiki irin wanda malami zai iya rubutawa a allo. Umarnin ya ce a sa ɗaya daga cikin kalmomin uku, ko a ja layi in ba a buƙatar komai.

```
Last week my father took _1_ ram to _2_ market at Getso.
He met _3_ old man who wanted _4_ animal for _5_ naming ceremony.
_6_ man looked at _7_ ram for half _8_ hour.
He was _9_ honest buyer and he paid _10_ price my father asked.
My father bought _11_ rice and _12_ uniform for me.
We came home before _13_ sun went down.
```

Kafin a taɓa biro, a karanta labarin duka, a faɗe shi da Hausa a zuci: makon jiya babana ya kai rago kasuwar Getso, ya haɗu da wani dattijo da ke neman dabbar suna, dattijon ya yi rabin awa yana duba ragon, da sauransu. Wannan karatun farko shi ne yake nuna waɗanne sunaye ne suka fito sau biyu. Rago ya fito a gurbi na 1 da na 7, mutum ya fito a na 3 da na 6. Waɗannan huɗu sun kusa warware kansu: fitowar farko baƙo ne, ta biyu ɗan gida. Na 1 *a*, saboda sautin r. Na 3 *an*, saboda *old* ce ke manne da gurbin, ba *man* ba. Na 6 da na 7 *the*, dattijon da ragon, kuma na 6 da babban baƙi, *The*, domin farkon jimla ne. Malamai da yawa suna rage maki a kan wannan, kuma suna da gaskiya.

Na 2 shi ne inda mai bin dokar "fitowar farko" da ido rufe zai faɗi. Ba a ambaci kasuwa a baya ba, amma *at Getso* ta fayyace ta, kuma wanda ya tashi a wannan yanki ba zai tambayi wace kasuwar Getso ba. To *the*. Na 10 ma haka yake: kuɗin da babana ya yanka guda ne, bayaninsa yana bayan sunan, kuma Hausar ta ce "kuɗin da". Na 13 rana ce, ita kaɗai ce a sama, *the*.

Na 8 da na 9 tarkon h ne, dukansu *an*. Na 9 yana da ƙarin darasi: an riga an san dattijon, to me ya sa ba *the* ba? Saboda jimlar ba nuna shi take yi ba, faɗar irinsa take yi, kamar a ce "mutum ne mai gaskiya". Galibi in ana bayyana sana'ar mutum ko halinsa da suna tilo bayan *is* ko *was*, *a* ko *an* ake sawa, ko da an san shi tun yana cikin zanin goyo. Na 12 *a*, yunifom. Na 11 layi ake ja, shinkafa ce ba wadda aka sani ba, kuma ba a ƙirga ta. Na 5 *a*, domin ba a faɗa mana sunan ɗan wa ba ne, bikin suna ne cikin dubu.

Na 4 na bari da gangan. Amsar da ta fi zama ita ce *an*: dattijon ya shigo kasuwa yana neman dabba, kowacce ta samu. Amma sau da yawa wani yaro mai kaifi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ragon ne dabbar, me zai hana *the*?" Amsar gaskiya ita ce babu abin da zai hana. *Wanted the animal* jimla ce lafiyayyiya, ma'anarta dattijon ya ga ragon nan ya ce shi yake so. Labari biyu ne mabambanta, kuma dukansu Turanci ne. Abin da ya dace malami ya ce shi ne, "Madalla, yarona, faɗa wa aji bambancin da Hausa." In ya iya cewa ɗaya "yana neman dabba" ce, ɗaya kuma "yana son dabbar", ya fahimci darasin fiye da wanda ya ci goma sha uku da sa'a.

Sunayen wurare, da gurbin da ba ya son komai

Sunan mutum, gari, jiha da yawancin ƙasashe ba sa ɗaukar komai: Gwarzo, Kabo, Kano, Nigeria. Sunan kamfani ma yawanci haka yake. Kamfanin jiragen sama da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, *Kabo Air* ake rubuta shi, ba *the* a gaba. Koguna da hamada kuwa suna ɗauka: *the River Niger*, *the Sahara*, amma tafki ba ya ɗauka, *Lake Chad*. Jami'ar da ake wucewa a kan titin Gwarzo in za a shiga birni *Bayero University* ce tsurarta, amma wadda sunanta ke da *of* a tsakiya tana ɗauka, kamar *the University of Ibadan*. Mai fara koyo ba ya buƙatar fiye da wannan. Sunayen harsuna, darussa, ranaku, watanni, wasanni da lokutan cin abinci su ma tsirara suke tafiya: *Hausa*, *mathematics*, *Friday*, *football*, *breakfast*.

Jam'in da ake magana a kansa gaba ɗaya shi ma ba ya ɗaukar komai. "Awaki suna cin ciyawa" ita ce *goats eat grass*. In aka ce *the goats*, an koma "awakin", wato wasu da aka sani. Yaran da suka fara jin daɗin *the* sukan yayyafa ta ko'ina, suna ganin ita ce ke sa rubutu ya yi kama da Turanci. Gwajin -n da -r yana da amfani sosai wajen tsayar da su.

Akwai 'yan kalmomi da ma'anarsu ke juyawa da *the*, kuma masu jarrabawa suna ƙaunarsu. *Go to school* zuwa karatu ne, abin da ɗalibi ke yi kullum. *Go to the school* zuwa ginin ne, kamar uban da aka kira taron iyaye. Haka *bed* da *prison* suke. A gefe guda kuma *a* tana zuwa da ma'anar "kowane": *twice a week*, sau biyu a mako, ko *three times a day* da ake rubutawa a takardar magani.

Kafin komai dai a karanta umarnin da ke saman aikin. In ya ce a zaɓa tsakanin *a* da *an* kawai, tambaya ta uku ce kaɗai ke aiki, kada a wahalar da kai. In ya ba da ukun ba tare da zaɓin barin gurbi ba, to kowane suna jam'i ko wanda ba a ƙirgawa *the* zai ɗauka, tunda sauran biyun ba sa shiga. Wannan dabara ita kaɗai tana ceto maki biyu ko uku a takarda.

Ga mai koyarwa da mai dubawa

Jimla ɗaya tilo ba ta cika isa a gwada *the* ba. In aka rubuta *I saw ___ dog* a allo, *a* daidai ce, *the* ma daidai ce, ya danganta da abin da aka faɗa kafin nan, wanda babu shi. Littattafai da yawa suna cike da irin waɗannan, kuma amsar da ke bayan littafin ɗaya ce. Yaron da aka soke wa amsa mai kyau yakan yanke cewa abin caca ne, daga nan ya daina tunani ya koma cinta. Gyaran ba shi da wuya: a ƙara jimla ɗaya a gaba ko a baya, ko a mai da tambayoyin ɗan labari kamar na ragon Getso, da sunayen wuraren da yaran suka sani, don wanda ya san kasuwa ɗaya ce a garin ba sai an yi masa dogon bayanin dalilin *the* ba.

Wajen duba takardu kuma, irin kuskuren ya fi yawansa faɗar gaskiya. Wanda ya rubuta *a hour* da *an uniform* amma ya ci sauran, matsalarsa ta kunne ce, minti goma na furuci da ƙarfi sun ishe shi. Wanda ya rubuta *a sun* da *a market at Getso* yana fassara daga Hausa yadda ya kamata, gwajin "wanne?" ne bai samu ba. Wanda ya sa *a rice* bai raba awo da ƙirga ba. Wanda kuma ya juya na 1 da na 7, ya sa *the* a farko da *a* a ƙarshe, bai karanta labarin ba sam, gurbi gurbi ya bi. Shi wannan ba sabuwar doka yake buƙata ba. A karɓe biron daga hannunsa, a sa shi ya ba da labarin da Hausa tukuna, sannan a mayar masa.